Me Marubucin Ke Son Mu Yarda da Shi?

Ba ɗalibi shafi guda ya karanta, ka jira ya gama, sannan ka tambaye shi abin da aka ce. Sau da yawa amsar ba ta wuce kalma biyu ko uku: "A kan gyaɗa ne," ko "Maganar zazzaɓi ake yi." Bai yi ƙarya ba, amma bai amsa tambayar ba. Abin da ya faɗa shi ne batun da aka yi rubutu a kai. Abin da marubucin ya ce game da batun kuwa yana can a shafin, ba a ɗauko shi ba. A nan ne maki ke zubewa a sashen auna fahimta da na taƙaitawa a jarrabawar WAEC da NECO, kuma a nan ne babba mai iyali ke karanta labari a jarida ya tashi da akasin abin da aka rubuta.

Batu suna ne kawai: gyaɗa, zazzaɓi, auren wuri, tsadar taki. Ba wanda zai yi maka musu a kansa, domin ba ka ce komai ba tukuna. Jigo kuwa cikakkiyar magana ce wadda wani zai iya cewa "haka ne" ko "ban yarda ba". Idan ka ce "tsadar taki", sai a bi ka da kallo ana jiran sauran. Idan ka ce "tsadar taki ce ta sa manoma rage noman masara", ka yi da'awa, kuma duk mai hankali zai tambaye ka me ya nuna haka. Wanda ya taɓa zama a kotun alƙali ya san tsarin: mai ƙara ya faɗi da'awarsa, alƙali ya ce ya kawo shaidu, sannan a duba kowane shaida a ga ko maganarsa ta shafi abin da ake shari'a a kai. Mai karatu alƙali ne a gaban rubutu. Aikinsa ya gano da'awar, ya tantance jimlolin da suka zo shaida, ya ware waɗanda rakiya kawai suka yi.

Wannan ba ya fitowa sosai sai an gwada shi a kan rubutu. Ga sakin layi mai jimla takwas da na tsara, irin wanda ake iya samu a littafin makaranta ko a jarida:

"Idan aka tambayi dattawan Kano abin da ya ci dalar gyaɗa, da yawansu za su ce man fetur ne. Suna da gaskiyarsu, domin daga ƙarshen 1973 da farashin mai ya yi tashin gwauron zabi, hankalin gwamnati ya bar gona, matasa kuma suka kwararo birni neman aikin albashi. Amma tun kafin kuɗin mai su yi yawa jikin manomin gyaɗa ya fara sanyi. Hukumar sayen amfanin gona ce ke yanka farashi, kuma shekara da shekaru abin da take biyan manomi bai kai abin da ake samu a kasuwar duniya ba. Sai fari ya faɗo a 1972 da 1973, damina ta gajarta, gyaɗa ta kasa ƙosawa a gonaki da yawa. Manoma ba su gama farfaɗowa ba sai ga cutar kuturun gyaɗa a 1975, wadda wani ɗan ƙwaro mai tsotsar ganye ke yaɗawa, ta lalata gonaki a faɗin Arewa. Da yawa suka haƙura suka koma gero da dawa da wake. Yau mai son ganin tarin buhuna kamar na da sai ya juya bayan takardar naira 200 mai hoton Sardauna."

Batun ba ya da wuyar ganewa: ɓacewar dalar gyaɗa a Kano. To, me marubucin ya ce game da ita?

Mai gaggawa zai cafke jimlar farko ya ce jigon shi ne man fetur ya kashe noman gyaɗa. Abu biyu ne ke jan sa zuwa nan. An koya masa a makaranta cewa jimlar farko ita ce kan magana, sannan kuma wannan ra'ayi ya daɗe yana jin sa a majalisa da rediyo, don haka da ya gan shi a rubuce sai hankalinsa ya kwanta, ya karanta sauran da rabin ido. Amma a duba yadda aka gina jimlar. Marubucin bai ce man fetur ne ba, ya ce "da yawansu za su ce". Maganar wasu ya kawo. Duk inda ka ga "ana cewa", "wasu na ganin", "an daɗe ana zaton", to ka yi shirin jin "amma" a gaba, domin marubuta kan shimfiɗa ra'ayin da suke son gyarawa kafin su kawo nasu. A jimla ta biyu ma ya ba masu wannan ra'ayi haƙƙinsu, ya kawo shekara da dalili. Wannan sallamawa ce ta mai adalci, ba matsayarsa ba ce.

Ita ma ƙa'idar nan ta cewa jigo na zaune a jimlar farko tana da rauni fiye da yadda ake zato. A 1974 wani malamin jami'a a Amurka, Richard Braddock, ya ɗauki maƙalu 25 na ƙwararrun marubuta ya bi sakin layinsu ɗaya bayan ɗaya. Ya tarar kimanin kashi 13 cikin 100 ne kawai suka buɗe da jimlar da ke ɗauke da jigon sakin layin kai tsaye. Rubutun Turanci ya bincika, amma wanda ya saba da namu ya san mu ma ba mu cika faɗa wa magana kai tsaye ba. Wasiƙar Bahaushe sai ta gama gaisuwa da tambayar iyali da gajiya kafin a kai ga "bayan haka", kuma a bayan "bayan haka" ɗin ne buƙatar take. Labarin jarida ne kaɗai za ka iya kusan rantsewa cewa ya sa muhimmin abu a sama, domin haka ake koya wa 'yan jarida su rubuta.

Mai karatu da ya ɗan ƙware zai tsallake wannan tarko. Zai ga "amma" a jimla ta uku ya ce ga jigon nan: tun kafin kuɗin mai manomin gyaɗa ya fara karaya. Ya matso kusa ƙwarai, kuma a wasu rubuce-rubucen da ya dace. Sai dai jigo ba a karɓar sa don ya yi kama da jigo. Ana gwada shi, kuma gwajin mai sauƙi ne: ka ɗauki sauran jimlolin ɗaya bayan ɗaya ka tambaya ko kowace na shiga ƙarƙashinsa.

Maganar hukumar da ke danne farashi ta shiga, domin abu ne da ya daɗe kafin kuɗin mai. Farin 1972 da 1973 ya shiga, tunda ya riga hauhawar farashin mai ko ya zo daf da ita. Cutar 1975 fa? Nan aka tsaya. Shekarar 1975 bayan 1973 take, don haka ba za ta zama shaidar abin da ya faru "tun kafin" kuɗin mai ba. Jimla ta biyu ma, wadda ta yarda cewa mai ya yi nasa ɓarnar, ba ta da wurin zama a ƙarƙashin jimla ta uku. Idan abin da ka kira jigo ya bar manyan jimloli biyu a waje, to ya yi ƙanƙanta. Wannan ne ya sa na ce a riƙa kallon shekaru da adadi a cikin rubutu da idon basira, domin sau da yawa su ne ke raba gardama tsakanin amsa biyu masu kama da juna.

Abin da ya rage shi ne mai karatu ya gina jimlar da kansa, tunda marubucin bai ajiye ta a wuri guda ba. Za ta yi kama da haka: ba man fetur kaɗai ya kawar da dalar gyaɗa ba, ƙarancin farashi da fari da cuta sun taru sun kori manomi daga nomanta. Yanzu a sake gwaji. Jimla ta ɗaya da ta biyu sun shiga ta ƙofar "ba kaɗai ba". Ta uku gada ce da ta juyar da magana. Ta huɗu da ta biyar da ta shida su ne dalilai uku. Ta bakwai sakamakonsu ce. Jimla ɗaya ce ta rage a waje, ta takwas, kuma za mu dawo kanta.

Akwai kuskuren da ke kishiyantar wannan, wato jigo ya yi faɗi har ya wuce rubutun. Wani zai ce jigon shi ne noma ya lalace a Nijeriya, ko gwamnati ba ta kula da talaka. Duk jimlolin za su iya fakewa a ƙarƙashin irin wannan magana, amma haka ma jimlolin wani rubutu kan auduga ko koko ko kiwo. Idan amsarka za ta dace da rubutu goma daban, ba ta wannan rubutun ba ce. Masu tsara tambayoyin zaɓi sun san waɗannan ramuka sarai. A cikin amsoshin da suke jerawa kusan kullum za ka sami wadda ta yi faɗi, da wadda ta ɗauki ƙaramin bayani guda ta mai da shi gaba ɗaya, da wadda gaskiya ce a duniya amma rubutun bai faɗe ta ba. Ta ƙarshen nan ta fi cin masu ilimi, domin suna amsawa da abin da suka sani maimakon abin da ke gabansu.

Masu nazarin adabin Hausa sun daɗe da wannan aiki a fagen waƙa. Ɗaliban da suka bi hanyar Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ta feɗe waƙa sun san ana neman furucin jigo, wato wurin da mawaƙi ya faɗi manufarsa da bakinsa, sannan a yi warwarar jigo a nuna yadda baitoci suka ɗauke shi. Sun kuma san cewa wani lokaci mawaƙi ba ya furtawa, sai mai nazari ya tattaro. Abin mamaki shi ne ɗalibin da ya iya wannan a ajin Hausa yakan manta da shi da zarar an miƙo masa rubutun zube na tarihi ko kimiyya, alhali aikin ɗaya ne.

Hujja da abin da ya yi kama da hujja

Samun jigo rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sanin abin da ya tsaya a kai. Tambayar da ke fito da hujja ita ce: me ya nuna haka? Ka faɗi jigon, ka ɗora "domin" a bayansa, sannan ka karanto jimlar da kake zargi. Idan maganar ta zauna daram, hujja ce. Gwada: ba mai kaɗai ya kawar da dalar gyaɗa ba, domin fari ya faɗo a 1972 da 1973 gyaɗa ta kasa ƙosawa. Ta zauna. Sake gwadawa: ba mai kaɗai ya kawar da dalar gyaɗa ba, domin akwai hoton tarin buhuna a bayan naira 200. Kunne ma ya ƙi ta. Jimla ta takwas gaskiya ce, tana da daɗi, ita ce ma wadda mutane za su fi tunawa gobe, har wani ya zaro kuɗi daga aljihu ya duba. Amma ado ce. Cire ta ka sake karanta sakin layin, za ka ga da'awar ba ta rasa komai ba. Cire jimlar cutar 1975 kuwa, sai ƙafa ɗaya ta tafi.

Wannan bambanci yana da muhimmanci domin hankalin ɗan Adam ya fi riƙe abin da ya burge shi a kan abin da ke ɗauke da nauyin magana. Yaro da aka ce ya taƙaita wannan sakin layi yakan kawo Sardauna da naira 200 ya manta da hukumar farashi, saboda hukumar ba ta da hoto a ransa. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Ba a taɓa nuna masa cewa jimloli ba matsayinsu ɗaya ba.

Su ma hujjojin ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma mai karatu na ƙwarai yana auna su. Jimlar fari da ta cuta sun zo da shekara, ana iya zuwa a bincika a tabbatar ko a ƙaryata. Jimlar hukumar farashi fa? An ce "shekara da shekaru" ana biyan manomi ƙasa da farashin duniya, amma ba a faɗi wace shekara ba, ba a faɗi nawa ake biyan buhu ko tan ba, ba a faɗi girman giɓin ba. Tana goyon bayan jigon, haka ne, amma ita kanta ƙaramar da'awa ce da ke jiran tata shaidar. Masana tarihin tattalin arziki sun yi rubutu mai yawa kan yadda waɗannan hukumomi suka riƙa tara rarar kuɗi daga guminsu manoma, don haka maganar tana da tushe. Amma wannan sakin layi bai kawo tushen ba, kuma daidai ne mai karatu ya lura da haka. Jimla ta bakwai ma tana cewa "da yawa suka koma gero da dawa". Nawa ne da yawa? A jarrabawa ba za a tambaye ka wannan ba, za a tsaya kan abin da marubuci ya ce da abin da ya kafa hujja da shi. A rayuwa kuwa, lokacin da wani ke son ka sayi magani ko ka zaɓi ɗan takara ko ka tsani wasu mutane, wannan tambaya ta biyu ita ce mai tsaron gida.

Ƙananan kalmomi na taimakawa wajen bin sawu. Abin da ya biyo bayan "domin", "saboda" da "tunda" yawanci dalili ne. Abin da ya biyo bayan "don haka", "shi ya sa" da "ke nan" yawanci shi ne abin da ake son kafawa. "Misali" da "kamar" na gaya maka cewa an sauko daga babbar magana zuwa ƙarama, don haka babbar tana baya, ka koma ka same ta. "Amma", "sai dai" da "duk da haka" na nuna an juya, kuma galibi nauyin yana ɓangaren da ya zo bayansu. Alamu ne dai, suna iya ɓata, kuma marubuci na iya jera dalilai uku ba tare da ya sa ko ɗaya daga cikinsu ba, kamar yadda jimla ta huɗu ta zo babu "domin" a gabanta.

Inda dabarar ke tsayawa

Zan so a ce duk wanda ya riƙe waɗannan tambayoyi ya gama da matsalar fahimta, amma ba haka abin yake ba, kuma iyaye da malamai sun cancanci a gaya musu gaskiya. Abu biyu na iya hana dabarar aiki.

Na farko shi ne karatun kansa. Yaron da har yanzu yake haɗa baƙi da wasali da ƙyar, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta, domin duk ƙarfinsa ya ƙare wajen furta kalmomi. Hanyar gane wannan ba ta da wuya. Karanta masa sakin layin da bakinka ya saurara, sannan ka tambaye shi. Idan ya kawo jigon daidai da kunne amma ya kasa da ido, matsalarsa saurin karatu ce, maganinta kuma yawan karatu a bayyane, ba ƙarin darasin jigo ba. Idan rubutun na Turanci ne, fassara masa shi da Hausa ka sake tambaya. Da yawa daga yaran da ake cewa ba su da fahimta suna da ita sarai, harshen ne ya tare musu hanya. Shi ya sa nake ganin ya fi kyau a fara koyar da wannan aiki da rubutun Hausa, inda yaro zai iya musu da kai, kafin a kai shi wani harshe.

Na biyu shi ne sanin abin da ake magana a kai. A 1988 wasu masu bincike biyu a Amurka, Donna Recht da Lauren Leslie, sun ba yara 'yan ƙaramar sakandare labarin wani wasan ƙwallon sanda da ake yi a ƙasarsu. Yaran da karatunsu ke da rauni amma suka san wasan sun fi fahimtar labarin da tuna shi a kan waɗanda suka iya karatu sosai amma ba su san wasan ba. Haka sakin layinmu yake. Ɗan manomi daga Dawakin Tofa ko Maraɗi da ya ji "gyaɗa ta kasa ƙosawa" ya ga abin da idonsa, ya san idan ruwa ya ɗauke da wuri kwanso ake tonowa babu ƙwaya. Yaron da bai taɓa shiga gona ba, bai kuma san mece ce dalar gyaɗa ba, zai iya zaton dutsen Dala ake nufi, kuma daga nan duk abin da ya gina ya karkace. Kafin a tambayi yaro jigo, minti biyu na bayanin mece ce dalar, wace ce hukumar, me ya haɗa mai da noma, sun fi amfani a kan maimaita masa ƙa'idoji.

Wanda ke son ya gwada wannan a gida ba ya buƙatar littafi na musamman. Sakin layi ɗaya daga jarida ya isa. A karanta sau biyu, na farko a tafi kai tsaye ba tsayawa, na biyu da fensir a hannu. Sannan a kife takardar a faɗi jigon da jimla guda wadda ba ta wuce kalma ashirin ba. Kife takardar na da dalili: muddin ido na kan shafi, hannu zai kwafo jimlar marubuci, kuma kwafe ba ya nuna an gane. Bayan haka a buɗe a ja layi ƙarƙashin jimla biyu ko uku da za su iya biyo bayan "domin", a sa alama a gefen wadda za a iya cirewa ba a yi asara ba. Idan mutum biyu suka yi aikin suka sami amsa daban, kada a yi saurin raba musu gardama. Kowa ya nuna jimlar da ya dogara da ita, sannan a duba amsar wa ta bar jimloli da yawa a waje.

Wani lokaci kuma za a yi duk wannan a rasa jimlar da ta tattara sakin layin, a gwada wannan ta bar rabi, a gwada waccan ta bar rabi. Ba kullum laifin mai karatu ba ne. Akwai rubutun da marubucinsa ya cusa magana biyu a sakin layi ɗaya, akwai kuma wanda jerin bayanai ne kawai, kamar sanarwar ranakun rigakafi ko jadawalin farashin hatsi a kasuwar Dawanau, inda babu da'awar da ake karewa. A irin wannan, amsar da ta dace ita ce a faɗi batun, a faɗi abin da aka jera a ƙarƙashinsa, a bar shi haka ba tare da an ƙaƙaba masa jigon da marubucin bai sa ba.